Auna Ksp na Kalsiyom Haidiroksaid ta Hanyar Taitireshan: Dalilin Saɓanin Sakamakon Ɗakin Gwaji da Adadin Littafi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba gwajin da aka saba yi a kwalejoji da jami'o'i, inda ake auna ninkin narkewa, wato Ksp, na kalsiyom haidiroksaid ta hanyar taitireshan ɗin ƙosasshen ruwansa da asid. Ɗalibin da ya yi aikinsa da kyau yakan sami kusan 3.3 × 10⁻⁵, alhali littattafai suna ba da adadi tsakanin 5.0 × 10⁻⁶ da 6.5 × 10⁻⁶. Maƙalar ta bi matakan gwajin, ta auna girman kowane kuskuren hannu da aka saba ɗora wa laifi, ta nuna cewa babu wanda ya isa ya haifar da wannan tazara. Sannan ta bi lissafi guda daga farko har ƙarshe don nuna cewa tazarar tana rufewa idan aka yi la'akari da abubuwa biyu: aktibitin ayon, da haɗuwar Ca²⁺ da OH⁻ su zama CaOH⁺.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa duba rahoton ɗalibai a kan wannan gwaji ya san yadda sashen ƙarshe yake kasancewa. Ɗalibi ya kawo adadin da ya samu, ya jera shi da na littafi, ya ga nasa ya ninka wancan sau biyar zuwa bakwai, sai ya shiga neman abin da zai ɗora wa laifi: buret ya zuba, ido bai daidaita da layi ba, asid ya wuce gona da iri. Malami ya rage masa maki saboda nisa da adadin littafi, shi kuma ya tafi da zaton cewa hannunsa ne ba shi da kyau. Abin da ya fi damuna shi ne darasin da wasu ke ɗauka daga nan, cewa hanya mafi sauƙi ita ce a gyara adadin da aka karanta a buret har ya yi kusa da abin da malami yake so.

Abin da nake son tabbatarwa a nan shi ne cewa ɗalibin da ya sami 3.3 × 10⁻⁵ ya auna daidai. Abin da ya auna da abin da ke cikin teburin littafi ba abu ɗaya ba ne, ko da yake ana kiransu da suna ɗaya. Wannan ba sabuwar magana ba ce. Tun 1966 Meites da Pode da Thomas suka ja hankalin malaman kimiyyar sinadarai a kan cewa lissafin narkewa kai tsaye daga Ksp yakan kauce wa abin da ake aunawa. Amma har yau takardun umarnin gwaji da yawa suna cewa a kwatanta da adadin littafi a fitar da kashin kuskure, ba tare da wani ƙarin bayani ba.

Abin da ake nema da yadda ake lissafa shi

Idan aka zuba garin kalsiyom haidiroksaid a ruwa fiye da abin da ruwan zai iya ɗauka, kaɗan ne yake narkewa, saura ya kwanta a ƙasa. Tsakanin wanda ya kwanta da wanda ya narke akwai daidaito:

Ca(OH)₂(s) ⇌ Ca²⁺ + 2OH⁻

Idan mol s ya narke a kowace lita, ana ɗauka cewa [Ca²⁺] = s, [OH⁻] = 2s, don haka Ksp = s × (2s)² = 4s³. Aikin ɗakin gwaji duka shi ne gano s. Tunda kowane mol na HCl yana cinye mol ɗaya na OH⁻, taitireshan zai ba da yawan haidiroksaid, rabinsa kuma shi ne s.

An zaɓi wannan sinadari ne saboda narkewarsa ta zo daidai da abin da buret zai iya aunawa. Kusan giram ɗaya da rabi ne ke narkewa a lita. Da magniziyom haidiroksaid ne, abin da zai narke bai kai ya ci mililita ɗaya na irin asid ɗin da muke amfani da shi ba. Amma wannan yawan narkewa da ya sauƙaƙa aikin hannu shi ne kuma ya sa ayon suka yi yawa a ruwan har lissafin 4s³ ya kasa, kamar yadda za mu gani.

A lura da wannan 3 da ke kan s. Ma'anarsa ita ce duk kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a awon asid zai zama kusan kashi uku a Ksp. Wannan ƙa'ida ce za mu yi ta auna kurakurai da ita.

Matakan aiki

Ana fara haɗa ƙosasshen ruwan kwana ɗaya aƙalla kafin ranar gwaji. A zuba kamar giram 2 na garin a mililita 250 na ruwan distil da aka tafasa aka bari ya huce a rufe, domin tafasawar tana korar iskar CO₂ da ta narke a ciki. Giram 2 ya ninka abin da ruwan zai ɗauka kusan sau biyar, kuma haka ake so. A zaɓi kwalbar da ruwan zai kusan cika ta, a toshe sosai, a riƙa girgizawa lokaci zuwa lokaci, sannan a bar ta ta kwanta.

Tsohon gari da ya daɗe a kanta, wanda wani ɓangarensa ya riga ya zama kalsiyom kabonet, ba ya ɓata gwajin muddin akwai sauran haidiroksaid a cikinsa, domin kabonet ɗin kusan ba ya narkewa a wannan ruwa. Abin tsoro shi ne gurɓacewa da alkali mai saurin narkewa irin su sodiyom haidiroksaid. Maganinsa a girgiza garin da ruwa, a zubar da ruwan farko, a sake zuba sabo. Farin tabon da masu walda da gas suke zubarwa daga tukunyar kabayid ma kalsiyom haidiroksaid ne mafi yawansa, kuma idan an wanke shi yana iya isa a nuna wa aji yadda abin yake, amma ba zan ɗora awo a kansa ba saboda dattin da ke tare da shi.

Ta yaya za a san ruwan ya ƙoshi? Hanya mai sauƙi ita ce a ɗibi kaɗan a auna yau, a sake aunawa gobe, idan adadin bai motsa ba an isa. Hanya mafi inganci ita ce a tunkari daidaiton ta ɓangare biyu. Kalsiyom haidiroksaid ya fi narkewa a ruwan sanyi, saɓanin yawancin gishirin da ɗalibai suka saba da su. Saboda haka a haɗa kwalba ɗaya a zafin ɗaki, ɗaya kuma a ruwan ƙanƙara sannan a bar ta ta ɗumama tare da garinta. Ta farko tana hawa zuwa ƙoshi, ta biyu tana saukowa. Ranar da sakamakonsu ya haɗu, babu sauran shakka.

Asid ɗin shi ne HCl mai kauri 0.0500 M. Kusan mililita 4.2 na asid mai kauri na kwalba a lita ɗaya zai kawo kusa da haka, amma kusa kawai, domin HCl yana tashi a iska duk lokacin da aka buɗe kwalba. Dole a tantance shi da busasshen sodiyom kabonet: giram 0.6625 a mililita 250 yana ba da 0.0250 M, kuma mililita 25.00 na wannan zai ci mililita 25.00 na asid idan asid ɗin 0.0500 M ne cif. Wanda ya amince da abin da aka rubuta a jikin kwalba kawai, ya shigar da kuskuren da ba zai taɓa gani ba, domin duk awonsa zai yi daidai da juna.

Ranar gwaji a rubuta zafin ruwan da ke cikin kwalbar, ba na iskar ɗakin ba. A tace ruwan saman ta busasshiyar takardar tacewa da busasshen mazurari zuwa busasshen fulas, a zubar da mililita kamar goma na farko, domin takardar tana riƙe wani abu daga ruwan da ya fara ratsa ta. Jiƙa takarda da ruwan distil, wanda al'ada ce mai kyau a wasu ayyukan, a nan tsarma ruwan yake yi. Sai a ɗebi mililita 25.00 da fifet mai roba, a zuba a fulas, a ɗiga manuni, a fara sakin asid nan take. Kowane samfuri a ɗebe shi ne lokacin da za a yi aikinsa, kada a jera fulas uku a buɗe suna jiran layi.

Misali da aka bi har ƙarshe

Adadin da zan yi amfani da su na zaɓe su ne su dace da narkewar da aka tabbatar. A 1956 Bates da Bower da Smith, a hukumar ma'aunai ta ƙasar Amurka, sun gabatar da ƙosasshen ruwan kalsiyom haidiroksaid a matsayin ma'aunin pH, kuma kaurinsa a digiri 25 na Salsiyos shi ne mol 0.0203 a kilogiram na ruwa, da pH 12.45. A ruwa mai tsarmi irin wannan, kilogiram da lita kusan ɗaya ne.

Mu ɗauka ɗaliba ta yi aiki a digiri 25, ta karanta 20.35, 20.25 da 20.30, matsakaici mililita 20.30. Mol na asid shi ne 0.0500 × 0.02030 = 1.015 × 10⁻³. Idan aka raba da lita 0.02500 za a sami haidiroksaid 0.0406 M, wato s = 0.0203 M. Daga nan:

Ksp = 4 × (0.0203)³ = 3.35 × 10⁻⁵

Yanzu mu juya lissafin. Da a ce 5.0 × 10⁻⁶ ne zai fito daga 4s³, sai s ya zama 0.0108 M, buret kuma ya tsaya a mililita 10.8. Wato domin ɗalibar nan ta dace da littafi, sai ta yi kuskuren mililita tara da rabi a cikin ashirin, sau uku a jere, kuma duk ukun su yarda da juna. Babu hannun da ke irin wannan kuskure.

Girman kurakuran hannu

Ya kamata mu auna su ɗaya bayan ɗaya, domin rahoton da ya ce kawai an yi kuskure bai faɗi komai ba. Kuskuren da ya cancanci a rubuta shi ne wanda aka san inda yake tura sakamako da kuma yawan turawar.

Karatun buret shi ne mafi ƙanƙanta. Saɓanin mililita 0.10 a cikin 20.30 rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, wato kashi ɗaya da rabi a Ksp.

Mafi haɗari shi ne ƙurar gari da ta tsallake takardar tacewa. Nauyin mol ɗaya na Ca(OH)₂ giram 74.09 ne, saboda haka miligiram ɗaya tak yana ɗauke da mol 2.7 × 10⁻⁵ na haidiroksaid, wanda zai ci ƙarin asid mililita 0.54. Wannan kusan kashi 3 ne a awon asid, kashi 8 a Ksp, daga ƙurar da ido ba lalle ya gani ba. Alamarta biyu ce. Idan aka haska tocila ta gefen fulas a wuri mai duhu, ruwan da ke da ƙura zai nuna hanyar hasken. Sannan a lokacin taitireshan da finolftalin, launin ruwan hoda zai ɓace, bayan 'yan daƙiƙu ya dawo, a ƙara asid ya ɓace ya sake dawowa, domin ƙurar tana ci gaba da narkewa. Wanda ya ga haka ya sake tacewa, kada ya ci gaba.

Iskar CO₂ tana buƙatar ɗan tsayawa, domin ana yawan faɗin rabin labarinta. Tana haɗuwa da ruwan ta ba da kalsiyom kabonet, farin ɓawon nan da ke yawo a saman ruwan da aka bari a buɗe. Muddin garin yana kwance a kwalba, ɓarnar kaɗan ce, domin abin da iskar ta cinye garin zai mayar. Bayan tacewa ne babu mai mayarwa. Iskar duniya a yau tana ɗauke da CO₂ kusan kashi 420 cikin miliyan. Iskar da ke saman mililita 25 a fulas mai cin 250 tana da kusan mol 4 × 10⁻⁶ na CO₂, kuma ko da ta narke duka za ta cinye ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na haidiroksaid ɗin. Numfashin mutum kuwa yana da kusan kashi 4 cikin ɗari, wato ninki ɗari na iskar ɗaki. Shi ya sa zuƙar fifet da baki, ko hura ɗigon ƙarshe, ya fi barin fulas a buɗe na minti biyu illa, ban da haɗarin alkali mai pH sama da 12 a baki.

A nan zaɓin manuni yake shigowa. Finolftalin yana rasa launinsa a wajen pH 8, kafin asid ya gama da kabonet, don haka ɓarnar CO₂ za ta bayyana a matsayin ragin asid. Metil oranj yana juyawa tsakanin 4.4 da 3.1, inda kabonet ɗin da ke cikin fulas ya narke ya ci asid ɗinsa cif kamar haidiroksaid ɗin da ya fito daga gare shi. Amma sai an wuce gaɓar daidaito kaɗan kafin launinsa ya juya: kai mililita 45 na ruwa zuwa pH 4 yana cin kusan mililita 0.1, wanda ake cirewa ta hanyar yin gwajin da ruwan distil zalla. Ina ba da shawarar rabin aji su yi da wannan, rabi da wancan. Idan sakamakon ya kusan haɗuwa, CO₂ ba ta yi ɓarna ba. Idan na finolftalin ya yi ƙasa sosai, an san abin da ya faru kuma an san yawansa.

Sai zafi, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Narkewar wannan sinadari tana fitar da zafi, kusan kilojul 17 a mol, don haka ɗumi yana rage Ksp. Lissafin van 't Hoff ya nuna cewa daga digiri 25 zuwa 35 yana raguwa da kusan kashi 20, wato kashi biyu a kowane digiri. Teburin littafi na digiri 25 ne, ɗakin gwaji a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu kuwa yakan haura 35 idan babu na'urar sanyaya ɗaki, sannan da safiyar hunturu ya sauka ƙasa da 25. Aji biyu da suka yi aiki iri ɗaya, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu, ba za su sami adadi ɗaya ba, kuma babu wanda ya yi kuskure. Rahoton da ba a rubuta zafin ruwa a cikinsa ba, ba shi da abin kwatantawa.

Idan muka tara duka, za mu ga abubuwa biyu. Kurakuran suna cikin kashi goma ko ashirin, tazarar da muke bi kuwa ninki biyar ce zuwa bakwai. Sannan CO₂ da jiƙaƙƙiyar takarda da zafin ɗaki duk ƙasa suke jan sakamako, wato wajen adadin littafi. Saboda haka ɗalibin da ya fi kusa da 5 × 10⁻⁶ shi ne wanda ya fi ɓata samfurinsa, kuma tsarin ba da maki da ke auna kusanci da littafi shi yake saka wa.

Gyara na farko: aktibiti

Ksp na teburi ba ninkin kauri ba ne, ninkin aktibiti ne, ra'ayin da G. N. Lewis ya kawo a 1907. Ayon da ke cikin ruwa ba shi kaɗai yake ba. Kowane Ca²⁺ yana da ayon masu cajin kishiya da suka fi yawa a kewayensa, kuma wannan kewayewa tana rage masa ikon komawa jikin garin. Kamar mutum ne a tsakiyar kasuwa ranar cinta: yana nan, an ƙirga shi, amma ba zai yi saurin da zai yi a fili ba. Taitireshan ƙirga yake yi, daidaito kuwa da ikon aiki yake tafiya. Alaƙarsu ita ce aktibiti = γ × kauri, inda γ yake kusan 1 a ruwa mai tsarmi ƙwarai, yana raguwa yayin da ayon ke ƙaruwa.

Debye da Hückel sun ba da hanyar lissafa γ a 1923, Davies kuma ya faɗaɗa ta yadda za ta yi aiki a ruwan da ya fi kauri. A digiri 25:

log γ = −0.509 z² [√I/(1 + √I) − 0.3I]

A nan z cajin ayon ne, I kuma ƙarfin ayon na ruwan, wato rabin jimlar kaurin kowane ayon da aka ninka da z². A ruwanmu I = ½(4s + 2s) = 3s = 0.0609. Abin da ke cikin baka ya zama 0.180. Ga OH⁻ mai caji ɗaya, γ = 0.81. Ga Ca²⁺ kuwa z² huɗu ne, sai γ ya faɗo zuwa 0.43. Wato fiye da rabin ikon kalsiyom ya tafi, a ruwan da giram ɗaya da rabi kawai ya narke a lita. Wannan z² shi ne dalilin da ya sa lissafi mai sauƙi yake kusan dacewa ga silba kulorayid, mai caji ɗaiɗai da narkewa kaɗan ƙwarai, amma ya kasa a nan.

Ninkin gyaran shi ne 0.43 × 0.81² = 0.28. Idan aka ninka 3.35 × 10⁻⁵ da shi za a sami 9.5 × 10⁻⁶. Mafi yawan tazarar ta rufe da wannan mataki ɗaya, amma da saura.

Gyara na biyu: CaOH⁺

Mun ɗauka cewa duk abin da ya narke ya rabu gida uku. Ba haka yake ba. Wani ɓangare na kalsiyom yana riƙe da haidiroksaid ɗaya:

Ca²⁺ + OH⁻ ⇌ CaOH⁺

Adadin daidaiton wannan haɗuwa kusan 20 ne a digiri 25, ko da yake awon masana ya ɗan bambanta sama da ƙasa da haka. Taitireshan ba ya ganin wannan ayon. Da zarar asid ya cinye haidiroksaid ɗin da ke sake, CaOH⁺ zai saki nasa, shi ma a cinye. Buret jimla yake bayarwa, Ksp kuwa da waɗanda ke sake kaɗai yake aiki.

Mu kira kaurin CaOH⁺ da x. Sai [Ca²⁺] = s − x, [OH⁻] = 2s − x, ƙarfin ayon kuma ya zama 3s − 2x. Tunda CaOH⁺ da OH⁻ duk caji ɗaya gare su, γ ɗinsu yana share juna, sai a rage da x = 20 × γ(Ca) × (s − x)(2s − x). Ana warware wannan ta hanyar zato da gyara, kuma ƙaramar na'urar lissafi ta isa. Mu zaci x = 0.0050. To I = 0.0509, γ na mai caji ɗaya 0.82, na kalsiyom 0.453. Hannun dama ya zama 20 × 0.453 × 0.0153 × 0.0356 = 0.0049, wanda ya dawo kusan inda muka fara. Ke nan kusan rubu'in kalsiyom ɗin da ya narke yana cikin CaOH⁺.

Yanzu a haɗa. Aktibitin Ca²⁺ shi ne 0.453 × 0.0153 = 0.00693. Na OH⁻ shi ne 0.82 × 0.0356 = 0.0292. Saboda haka:

Ksp = 0.00693 × (0.0292)² = 5.9 × 10⁻⁶

Wannan ya faɗa tsakiyar adadin da littattafai ke bayarwa, kuma daga mililita 20.30 ɗin nan ya fito, ba a taɓa shi ba.

Mai karatu na iya cewa an zaɓi gyare-gyaren ne don su kai inda ake so. Tambaya ce mai kyau, kuma akwai shaidar da ba ta dogara da Ksp ba, wato pH. Da duk haidiroksaid 0.0406 M yana sake kuma γ ɗinsa 1 ne, da pH ya zama 12.61. Aktibitin 0.0292 da muka lissafa yana ba da 12.46. Abin da aka auna aka mayar ma'auni shi ne 12.45. Hanyoyi biyu da ba su haɗa komai ba, ɗaya da buret ɗaya da lantarki, sun tsaya wuri ɗaya.

Lissafin yana da iyaka, kuma ya kamata a gaya wa ɗalibai. Ƙa'idar Davies kimantawa ce, tana ba duk ayon masu caji iri ɗaya γ iri ɗaya, kuma ba a dogara da ita idan I ya haura kusan 0.5. Adadin 20 ma idan aka ɗan motsa shi, sakamakon zai motsa. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa teburori suka saɓa wa juna tsakanin 5.0 da 6.5. Saboda haka lambobi biyu masu ma'ana su ne iyakar abin da za a iya karewa a sakamakon ƙarshe, ko da awon buret ya kai huɗu.

Abin da ya kamata a sauya a gwajin

Maki a kan aikin hannu ya kamata ya dogara da s, ba da Ksp ba: shin ya faɗa kusa da 0.020 M bayan an yi la'akari da zafin ruwan, kuma shin awon uku sun yarda da juna cikin mililita 0.10? Adadin 4s³ a kira shi da sunansa, ninkin kauri, kada a fitar masa da kashin kuskure daga adadin teburi. 'Yan shekarar farko ya isa a gaya musu dalilin tazarar a nuna musu gyaran Davies, wanda layi huɗu ne. Lissafin CaOH⁺ a bar wa waɗanda suka yi nisa.

Akwai kuma ƙarin kwalba ɗaya da nake ganin ta fi kowane bayani a allo tasiri. An saba ƙara gwajin ayon na tarayya, inda ake narkar da garin a ruwan NaOH don a ga narkewa ta ragu. A can a kula: 4s³ ba ya aiki, sai an cire haidiroksaid ɗin da aka fara da shi daga jimla kafin a raba biyu a sami kalsiyom. Amma kwalbar da nake nufi ita ce ta gishirin girki mai tsabta, NaCl 0.10 M, wanda bai haɗa ayon ko ɗaya da kalsiyom haidiroksaid ba. Bisa lissafi mai sauƙi, bai kamata gishirin ya sauya komai ba. Bisa lissafin aktibiti kuwa, zai ɗaga I zuwa kusan 0.16, γ na kalsiyom ya sauka zuwa kusan 0.33, sai ƙarin gari ya narke domin ninkin aktibiti ya tsaya inda yake. Idan aka bi lissafin da 5.9 × 10⁻⁶, s zai zama kusan 0.023 M, buret kuma ya tsaya kusa da mililita 23 a maimakon 20.3. A sa ɗalibai su rubuta hasashen hanyoyin biyu kafin su taɓa buret. Bambancin mililita uku ne, ninki talatin na saɓanin da aka yarda da shi tsakanin awo da awo, kuma kayan da ake buƙata ba su wuce giram ɗaya da rabi na gishiri a mililita 250 da kwalba ta biyu mai murfi ba.